Neman shawara: takardar miƙa shafin intanet bayan kammala aiki

Tambaya:
Assalamu alaikum. Na kammala gina shafin WordPress ga wata makaranta mai zaman kanta a Kano, kuma shugabar makarantar ta nemi takardar da za ta ajiye, mai ɗauke da bayanan shiga, da kamfanin hostin, da ranakun sabuntawa, da ayyukan kulawa. Domen ɗin .com ne, ni na saye shi da hostin ɗin da imel ɗina da katina, saboda lokacin ba su da imel na hukuma. Me ya kamata takardar ta ƙunsa?

Amsa ta farko:
Wa alaikumus salam. Malam, kada ka wahalar da kanka. Ka jera sunan shiga da kalmar sirri na kowane asusu a takarda ɗaya, ka mayar da ita PDF, ka tura wa Hajiya ta WhatsApp, sannan ka buga kwafi ɗaya ta sa hannu a kai cewa ta karɓa. Haka nake yi, kuma ba a taɓa dawo mini da ƙorafi ba.

Amsa ta biyu:
Maganar sa hannu daidai ce, amma ban yarda da sauran ba, kuma akwai aikin da ya riga rubutun. Ƙanena, muddin asusun domen yana kan imel ɗinka, to ba ka miƙa komai ba, domin duk saƙon tunatarwa da duk buƙatar sauya kalmar sirri akwatinka za su riƙa zuwa, ko da Hajiya ta haddace abin da ke cikin takardar. Ka fara zama da ita ku buɗe imel na makaranta, da lambar wayarta a matsayin lambar ceto. Wannan imel ɗin kada ya kasance a kan domen ɗin makarantar kansa, saboda ranar da domen ya mutu shi ma zai daina karɓar saƙo, gargaɗin da ake buƙata kuma ba zai iso ba. Gmail ya wadatar.

Da wannan imel ɗin za ku buɗe mata asusu a kamfanin da ka sayi domen, ka tura shi daga asusunka zuwa nata, abin da yawancin kamfanoni ke yi kyauta. Sai dai ka sani cewa a ƙa'idar ICANN sauya bayanan mai mallaka yakan sa a kulle domen kwana 60, ba za a iya kai shi wani kamfani ba, don haka idan kuna da niyyar ƙaura ku fara yin ta. A cikin WordPress kuma ka shiga Settings, sannan General, ka sauya Administration Email Address, wanda ba zai kama aiki ba sai an danna mahaɗin tabbatarwa da za a aika.

Bayan haka takardar ba ta da wuya. Kowane asusu ya samu layinsa: sunan kamfani, adireshin shiga, sunan shiga, imel ɗin da ke kansa, da wayar da lambar tabbatarwa ke zuwa. Kalmomin sirri ba sa shiga ciki, domin takarda irin wannan takan yi yawo daga tebur ɗin shugaba zuwa na akanta zuwa wayar magatakarda. Ka ba da su ta wata hanya dabam, kamar Bitwarden Send wanda ake sa masa ranar ƙarewa, ko ka zauna gefenta ta ƙirƙiri nata da hannunta.

Ranakun sabuntawa kuwa kada ka rubuta su da ka. Ka duba:

```
whois example.com | grep -i expiry
```

Layin Registry Expiry Date shi za ka kwafa. Ka rubuta ranar domen dabam da ta hostin, domin sau da yawa ba sa haɗuwa, sannan ka ƙara lasisin duk wani abu na kuɗi da ka sanya, misali Elementor Pro da ake biya shekara-shekara, tare da faɗin ko lasisin naka ne ko nasu. A gaban kowanne ka sa kuɗin da aka biya bana, da naira ne ko da dala, da katin da ke kansa da watan da katin zai daina aiki. Sabuntawa ta atomatik ba ta da amfani idan katin ya ƙare.

Amsa ta uku:
Wannan batu na kati shi ya taɓa ni. Na gina wa wani ɗan kasuwa shafi, na bar katina a kai, daga baya na sauya banki na manta. Ba mu ankara ba sai da abokan cinikinsa suka fara cewa shafin yana nuna tallace-tallace maimakon kayansa, imel ɗinsa ma ya tsaya cak. Lokacin da na shiga, domen ya riga ya wuce makonnin da ake sabuntawa a farashin da aka saba, ya faɗa matakin redemptionPeriod, wanda kwana 30 ne ga .com, kuma kuɗin fansar ya ninka na sabuntawa sau da yawa. Daga aljihuna na biya, tunda laifina ne. Da wannan wa'adin ya cika, da sai kwana 5 na jiran gogewa, sannan kowa ya iya saye. Tun daga nan nake sa wa mai shafi tunatarwa a kalandar wayarsa wata guda kafin kowace rana, a gabana, kafin in tashi.

Amsa ta huɗu:
Ni shawarata kada ka ba su komai sai sun cika maka kuɗinka. Makarantu sun iya cewa a jira a karɓi kuɗin zango.

Mai tambaya:
Na gode, amma sun biya ni duka tun makon jiya. Abin da ya rage mini shi ne ɓangaren kulawa. Yaya, ku da kuka yi amsa ta biyu, me kuke rubutawa a nan?

Mai amsa ta biyu:
Kowane aiki ina rubuta shi da abu uku: yaushe, wa zai yi, da yadda za a gane an yi. A ce sau ɗaya a wata za a ɗauki kwafin ajiya na babban fayil ɗin wp-content da na rumbun bayanai, a kai su Google Drive na makaranta, sannan a sabunta abin da ke cikin Plugins, sannan a buɗe shafin a waya a cike fom ɗin neman gurbi a ga ko saƙon ya iso. Jerin nan da gangan ne, domin sabuntawa ce ta fi ɓata shafi, kuma kwafin da ke zaune a kan sabar da ta lalace bai ceci kowa ba. Kafin ka miƙa, ka gwada dawo da shafin daga kwafin sau ɗaya, ka rubuta matakan da ka bi.

SSL na Let's Encrypt kwana 90 yake yi kuma yana sabunta kansa, don haka ba ya buƙatar rana a kalanda. Abin da za ka rubuta shi ne alamar gazawarsa: idan burauza ta nuna Your connection is not private, a tuntuɓi kamfanin hostin. A ƙarshe ka faɗi ranar da gyaran kyauta zai ƙare, da abin da ba ya cikinsa.

Mai amsa ta farko:
Na karɓi gyara kan kalmomin sirri. Amma ni ba na ba mai shafi matsayin Administrator, Editor kawai nake ba shi, domin na ga wanda ya goge abin da bai sani ba, shafi ya koma fari fat.

Mai amsa ta biyu:
Editor ya dace da malamin da zai riƙa sanya sanarwa. Amma shafin na makaranta ne, dole Hajiya ta riƙe Administrator ko da ba za ta taɓa shiga ba, saboda wanda zai gaje ka a aikin.

Mai amsa ta farko:
Idan tana da cPanel, wanda zai gaje ni zai iya ƙirƙirar asusun da kansa ta phpMyAdmin. Ina nan a kan bakana.