Tsadar gas da kasuwar gawayi a Gombe: abin da kowa ya gani a gidansa da shagonsa

Maman Hanifa, Pantami:
Assalamu alaikum. Ina so mu haɗa abin da kowannenmu ya gani game da gas ɗin girki da gawayi, domin lissafin gidana ya kai inda nake neman ƙarin haske. A da tukunya mai kilo 12.5 takan kai mu wata guda, kuma lokacin da kilo yake naira 700 muna biyan naira 8,750. Da kilo ya kai naira 1,200 sai kuɗin cika tukunyar ya zama naira 15,000, don haka na koma sayen kilo 6 a kan naira 7,200, na haɗa da buhun gawayi ɗaya na naira 4,000. Wake da ganda da ruwan wankan yara suka koma kan kurfoti, shayin safe da ɗumame suka tsaya a kan gas. Da farko ina samun rarar naira 3,800 a wata, amma bayan buhun ya kai naira 7,000 rarar ta dawo naira 800 kacal. Me ya haɗa farashin gawayi da na gas, alhali ba daga wuri ɗaya suke fitowa ba?

Alhaji Buba, Jekadafari:
Wa'alaikumus salam, Hajiya. A ganina babu abin da ya haɗa su face haɗamar 'yan kasuwa. Mai gawayi ya ga mata sun yi masa layi, ya san ba su da wata mafita, shi ya sa ya ƙara kuɗi.

Sale mai gawayi, Bolari:
Ranka ya daɗe Alhaji, layin gaskiya ne, amma ba mu muka tsara farashin ba. Kafin gas ya yi tsada ina sayar da kamar buhu 20 a mako, bayan nan na kai 30, kuma yawancin sababbin masu sayen matan ma'aikata ne da ban taɓa ganinsu a rumfata ba. Sai dai duk dillalan garin nan a wajen masu ƙona itace ɗaya muke saro kaya, kuma su ba za su iya ninka abin da suke ƙonawa cikin mako guda ba, saboda haka wanda ya fi bayar da kuɗi shi yake loda mota. Ga kuma kuɗin motar kansa, wanda ya tashi tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023. Idan damina ta sauka kuwa itace ba ya bushewa, hanyoyin daji suna lalacewa, kaya su yi wuya.

Malam Usman, malamin tattalin arziki, Tumfure:
Alhaji ya faɗi rabin maganar, Malam Sale ya kawo sauran. Gas da gawayi aiki ɗaya suke yi a madafa, kowane yana iya maye gurbin ɗan'uwansa, don haka idan ɗaya ya yi tsada masu saye sukan karkata ga ɗayan, kuma wannan karkatar ita take ɗaga farashinsa ko da babu mai mugun nufi.

Ana iya auna ƙarfinta da alkaluman da kuka bayar. Daga 700 zuwa 1,200, gas ya tashi da kusan kashi 71 cikin ɗari, cinikin Malam Sale kuma daga buhu 20 zuwa 30 ya ƙaru da kashi 50. Idan aka raba 50 da 71 za a samu kusan 0.7, wato duk ƙarin kashi 10 a farashin gas ya zo da ƙarin kusan kashi 7 a cinikin gawayi. Rumfa ɗaya ba ta isa a yanke hukunci a kan gari ba, amma ta nuna inda aka dosa.

Akwai kuma hanyar rarrabe dalilai biyun da Malam Sale ya ambata, wato ƙaruwar masu saye da wahalar kawo kaya. Idan kuɗin mota ko damina kaɗai suka ɗaga farashi, gawayi zai yi tsada amma cinikinsa zai ragu, domin kaya ne suka yi ƙaranci. Idan kuwa farashi da yawan ciniki suka tashi tare, kamar yadda ya gani, to masu saye ne suka ƙaru. Kuɗin mota ya taimaka, amma ba shi ya kawo masa matan ma'aikata ba.

Ibrahim, mai shagon kayan gas, Babbar Kasuwa:
Malam, ni akasin haka na gani. Ina sayar da tukwane da kan murhu da tiyo, ban ƙara ribata ba, amma cinikin kan murhu ya sauko daga kamar 10 a mako zuwa 6. Iyayen amare, waɗanda su ne manyan masu sayena, wasu sun fara ɗaukar ƙaramar tukunya mai kilo 6, su ƙara da kurfoti. Maƙwabcina mai ƙera kurfoti kuwa har yaro ya ƙara a wajen aikinsa.

Malam Usman:
Naka shi ne ɗaya ɓangaren, Malam Ibrahim. Murhun gas ba ya amfani sai da gas, tare ake bukatarsu, saboda haka tsadar gas tana rage cinikin murhu ko da kuɗinsa bai motsa ba. Raguwar kashi 40 a kan tashin kashi 71 ta ba da kusan 0.56, amma ta gefen ragi. Abin lura shi ne cinikin kurfoti ya bi na gawayi sama kamar yadda cinikin murhu ya bi na gas ƙasa. Sai dai a yi hattara da lissafin naka, domin a daidai lokacin abinci ma ya yi tsada, kuma mutum yakan jinkirta sayen kayan da ke daɗewa idan kuɗi sun yi ƙaranci. Wani kaso na raguwar daga nan ya fito.

Inna Asabe, Kumo:
'Ya'yana, ni abin da ya dame ni shi ne awo. Akwai inda nake saye, kilo 3 ba ya kai ni kwanakin da yake kai ni a da, kuma ina zargin ba a cika mini daidai.

Ibrahim:
Inna, wannan wata matsala ce daban. A jikin tukunya akwai nauyinta idan babu komai a ciki, ki sa a ɗora ta a sikeli a gabanki kafin a zuba da bayan an zuba, ki kuma shafa ruwan sabulu a bakin tiyo ki ga ko zai yi kumfa.

Anti Rakiya, ma'aikaciyar jinya, Tudun Wada:
Ba kowa ne ya iya komawa gawayi ba. Ina zaune a bene, ɗaki biyu babu tsakar gida, kuma ina fita aiki da asuba, ba ni da lokacin hura wuta da jiran garwashi. Hura gawayi a rufaffen ɗaki kuwa haɗari ne, domin yana fitar da iska mai guba wadda ba ta da wari, tana iya kashe mutum yana barci. Saboda haka na ci gaba da sayen gas, abin da na canza shi ne girkin: ina jiƙa wake tun dare, na kuma rage dafa abin da yake daɗewa a wuta. Ga mai tsakar gida gawayi madadin gas ne, gare ni ba madadi ba ne.

Maman Hanifa:
Anti, maganarki ta sa na sake duba naira 800 ɗin nan, domin ban saka fifita da wanke baƙin tukunya a lissafin ba. Malam, idan gas ya sauko, kana ganin mutane za su koma?

Malam Usman:
Wadda take da tukunya da murhu a ajiye za ta koma da wuri, Hajiya, tunda gas kaɗai za ta saya. Wadda ta sayar da tukunyarta, ko amaryar da aka kai da kurfoti, sai ta fara tara kuɗin kayan kafin ta amfana da sauƙin.

Sale mai gawayi:
Ni ban yarda duka za su koma ba, Malam. Da yawa daga cikin masu sayena sun ce ko gas ya sauko, wake da tuwon taro sun zauna a kan gawayi ke nan, kuma wasunsu yanzu buhu biyu suke ɗauka kafin damina.