Alamar ragi tana ɓace mini wurin buɗe baka biyu

Salamu alaikum malamai da yayyena. Ni ɗaliba ce a wani kolej a Tahoua, bana zan zauna BEPC, kuma kwana uku ke nan lissafin nan ya hana ni sukuni:

(2x − 3)(x² − 4x + 5)

Da na bi hanyar rabawa kai tsaye, 2x ya ba ni 2x³ − 8x² + 10x lafiya lau. Da na iso kan −3 sai na rubuta −3x² − 12x − 15, na fito da 2x³ − 11x² − 2x − 15. Na sa x = 1 don in gwada: tambayar ta ba da −2, amsata ta ba da −26.

Yayana ya zana mini akwati mai gida shida a bayan kayena, 2x da −3 a gefe, x², −4x da +5 a sama. Nan take na ga −3 sau −4x ai +12x ne, don kowace alama tana manne da lambarta. Amsar ta zama 2x³ − 11x² + 22x − 15, gwajin ya ba da −2.

Inda na maƙale shi ne in ragi ya zo gaban bakan duka:

7x − (2x − 3)(x² − 4x + 5)

Na juya alamomin gefe da na sama duka, gwajin ya ba ni 5, alhali 9 ya kamata. Gefe ɗaya kawai ake juyawa, ko a cika akwatin tukuna sannan a juya amsar? Kuma malaminmu layi-layi yake so a takardar jarrabawa. Don Allah, yaya kuke riƙe alamar in babu akwati?