Wane suna za mu ba tambayoyin minti biyar ɗin ƙarshen darasi?

Malamar lissafi: Assalamu alaikum malamai. Ina rubuta ɗan jagora da Hausa domin sababbin malamai, na zo kan tambayoyi biyu ko uku da ake jefa wa yara kafin a tashi, ba don maki ba, don malami ya san ko darasin yau ya shiga. Turawa na cewa kwiz, wasu su ce tikitin fita. Na rubuta jarrabawa na goge, domin da yaro ya ji ta sai gabansa ya faɗi ya fara leƙen takardar maƙwabci. Ku taimaka da kalma.

Ɗalibin koyon malanta: Malama, ai kacici-kacici ne. Haka ake fassara kwiz a ko'ina.

Malamar lissafi: Wannan ta gasa ce, wadda ake tara makarantu a ba da kyauta. A kacici-kacici ana ɓoye amsa ne don a ga mai kaifin ƙwaƙwalwa. Ni kuwa wanda bai gane ba nake nema.

Mai fassara: Ga auna fahimta nan, littattafan makaranta sun daɗe da sa ta a ƙarshen babi. Kada mu ƙirƙiri sabuwa alhali akwai wadda kunne ya saba da ita.

Tsohon malamin horar da malamai: Auna fahimta ta kusa, amma ta yi faɗi, har jarrabawar ƙarshen zango tana iya shiga cikinta. Tun 1967 wani masani, Michael Scriven, ya raba awo gida biyu: wanda ake yi aiki na tafiya don a gyara, da wanda ake yi bayan an gama don a yanke hukunci. Na farkon muke nema wa suna. Kafin suna, bari mu ga yadda ake ƙera shi, wataƙila sunan ya fito da kansa.

A ce yau kin koyar da tara rabi da sulusi. Ki rubuta 1/2 + 1/3 a allo da zaɓi huɗu: 5/6, 2/5, 2/6, 1/6. Ba da ka aka zuba ukun nan na kuskure ba, kowanne hanyar da wani yaro zai bi ce. Wanda ya ɗauki 2/5 ya tara sama da sama, ƙasa da ƙasa. Bai ma lura amsarsa ba ta kai rabin da ya fara da shi ba, ke nan bai ɗauki rabi a matsayin adadi ba tukuna, lambobi biyu kawai yake gani da layi a tsakani. Wanda ya ɗauki 2/6 ya yi nisa: ya samo shida a ƙasa, sai ya bar na sama yadda suke. Mai 1/6 ya yi sau a maimakon tarawa, ko ya ɗebe.

Yanzu a ce yara 40 ne, kin karɓi 'yan takardunsu a bakin ƙofa. Kada ki ɗauki jan biro. Ki kasa su kashi huɗu a kan tebur, minti biyu ya isa. Idan 19 sun ce 5/6, 14 sun ce 2/5, biyar 2/6, biyu 1/6, to gobe ba sabon darasi za ki buɗe ba. Za ki zana layi daga sifili zuwa ɗaya, ki sa su nuna inda rabi yake da inda 2/5 take. Biyar ɗin can kuwa misali ɗaya a gefen tebur ya wadatar da su. In kuma kin duba kin ajiye, gobe kin ci gaba kamar ba a yi ba, an ɓata minti biyar ne kawai.

Malamin kimiyya: Allah gafarta malam, ni duk Juma'a ina ba su tambaya goma, in shigar da makin cikin na zango. Gwaji muke ce masa, ba mu taɓa samun matsala da sunan ba.

Tsohon malamin horar da malamai: Naka gwaji ne kuwa, sunansa ya dace da shi. Amma na mako ne, kuma yana da maki. Da zarar maki ya shigo, yaron da bai gane ba zai ɓoye rashin ganewarsa, ita ce kuwa kake son gani.

Malamar lissafi: Baba, tambaya ɗaya ba ta yi kaɗan ba? Mai canki fa?

Tsohon malamin horar da malamai: Tana da wannan rauni. A zaɓi huɗu, mai canki zai dace sau ɗaya cikin huɗu. A e ko a'a, sau ɗaya cikin biyu, shi ya sa ba na son su a nan. Ki ƙara ta biyu kan abu ɗaya da wasu lambobi, kamar 1/4 + 1/3, damar dacewa da duka biyun ta koma ɗaya cikin 16. Ta ukun ki bar ta a buɗe: a layi ɗaya, me ya sa 2/5 ba za ta yiwu ba? Fiye da uku sai ki kwana kina dubawa, mako biyu ki daina.

Abin da ya fi canki haɗari shi ne tambayar da kuskure ke kai yaro ga amsa daidai. Ki tambayi wanne ya fi girma, 0.5 ko 0.75. Yaron da ke ganin mai dogon jeri ita ce babba zai ci, ki tafi gida da murna. Ki mayar da ita 0.5 da 0.45, nan take zai bayyana.

Malamar firamare: Ni yarana sun haura 90, takarda ma wahala take. Yatsu nake sa su ɗagawa a ƙirji, ɗaya zuwa huɗu, in ƙirga uku su ɗaga tare. Duk da haka na baya na kallon na gaba. Sunan da nake kiransa a aji shi ne awon tashi, kuma sun saba. Da na ce awon tashi sai ka ga an rufe littafi.

Mai fassara: Awo ya yi mini. Mai zuwa awo asibiti ba a cewa ta ci ko ta faɗi, dubawa ake a san abin da za a yi gaba. Tashi ce ban gamsu da ita ba, wani zai ɗauka tashin makaranta ne gaba ɗaya. Kuma malami na iya jefa irin tambayar a tsakiyar darasi, me za a kira ta a lokacin? Ni da awon darasi aka ce.

Ɗalibin koyon malanta: To awon gyara fa, tunda Baba ya ce don gyara ake yi?

Tsohon malamin horar da malamai: Ka kawo mai kyau, ɗana. Sai dai ita ta fi dacewa da gidan gaba ɗaya, awon tashi ya zama ɗaki ɗaya a ciki.

Malamar lissafi: Na gode. A jagorar zan sa awon gyara a kan babin, awon tashi ga na ƙarshen darasi, in ga ko malamai za su karɓa. Malam mai fassara, na rubuta awon darasi a gefe, ban yar da ita ba. Saura abu ɗaya: yara su sa suna a takardar ko kada su sa? Ba suna sun fi faɗin gaskiya, amma ta yaya zan gano biyar ɗin nan masu 2/6?

Malamar firamare: Ni dai ban raba wannan gardama ba. Wata rana in ce a sa, wata rana in ce a bari.