Neman kalma: yaya za mu ce “moyira” da Hausa?

Maman Ilham: Salam jama'a. Ina rubuta wa ɗalibaina taƙaitaccen bayani kan wasan Sarki Idifus na Sofokilis, tsohon marubucin Girka, sai na maƙale a kalmar Girkanci moyira, wadda ake cewa ita ke ja da jaruman wasanninsu har su halaka. Na fara sa ƙaddara amma raina bai kwanta ba, don yaro na jin ƙaddara hankalinsa zai tafi kan rukunan imani, alhali waɗannan mutane ne masu alloli barkatai. A taimaka don Allah.

Sadiku Fagge: Malama ƙaddara ce kawai ai, meye na wahala. An ce Idifus zai kashe ubansa ya auri uwarsa, ya gudu, gudun ne ma ya kai shi. An gama rubutawa, shi dai ɗan tsana ne a hannun Afolo, ɗaya daga allolinsu.

Baban Halifa: Sadiku rabin maganarka daidai, rabin kuma a'a. Malama ni shawarata ki sa rabo. Asalin moyira a Girkanci kaso ne, a waƙoƙin Homa, tsohon mawaƙinsu, har yankan naman da ake miƙa wa mutum a wajen walima moyira ake ce masa, daga nan ta koma kason da kowa ya samu na kwana da daɗi da wuya. Har alloli mata uku suke da su masu wannan suna, Kuloto mai kaɗa zaren rayuwa, Lakesis mai aunawa, Atirofos mai yankewa. Kin ga rabo ya zauna daram, mu ma muna cewa rabon kwaɗo ba ya hawa sama.

Batun ɗan tsana kuwa, a koma wasan a duba. Wani mashayi ne a wajen biki a Korinti ya gaya wa Idifus cewa shi ba ɗan Folibus ba ne, wato sarkin Korinti da ya raine shi, abin ya tsaya masa a rai ya tafi Delfi, wurin da ake jin saƙon Afolo, ya tambaya su wane ne iyayensa. Ba a ba shi amsar wannan ba sam, sai aka jefa masa waccan mummunar magana. Babu inda Afolo ya ce masa je ka yi kaza. Shi da kansa ya yanke cewa ba zai koma Korinti ba, shi da kansa ya yi zuciya a mararrabar hanya uku da aka ture shi, dattijon cikin keken doki ya buga masa sanda a ka, shi kuma ya kashe dattijon da mutanensa, mutum ɗaya ne ya tsira. Ashe dattijon ubansa ne Layus, sarkin Tibis. Gaya masa kawai aka yi, ba tilasta masa aka yi ba.

Ummi Zariya: Wai wannan ba labarin Odewale ba ne? mu shi muka yi a sakandare, har yau ina jin haushin mai gadin fadan nan da aka ba jariri ya kashe ya ƙi, duk shi ya ja 😩

Baban Halifa: Shi ne Ummi, Ola Rotimi ya ɗauko na Sofokilis ya mai da shi ƙasar Yarbawa. A na asalin makiyayi ne aka ba jaririn ya yar a dutsen Kitayiron bayan an huda masa idon sawu, tausayi ya kama shi ya miƙa wa wani makiyayin daga Korinti.

Maman Ilham: Baba na gode, rabo ya yi min. Matsala ɗaya, a bakinmu rabo ya fi karkata ga alheri, mai rabo ka samu, ɗan rabo, da rabon a gana. To mutumin da ya ƙwaƙule idanunsa da ƙarfen rigar matarsa kuma uwarsa, a ce wannan rabonsa ne? yara za su yi dariya wallahi.

Ɗan Damagaram: Ba dole ba Malama. Ba mu cewa da rabon shan duka? Ko a ce rabon wahala ne ya kai shi. Tsoffinmu a nan haka suke faɗi kullum. In kina tsoro ki sa mugun rabo a inda ya dace.

Sadiku Fagge: To na ji, amma ku amsa min wannan. Tunda yana shakkar iyayensa, me ya sa bai rantse ba zai taɓa kashe wanda ya girme shi ba, ba zai auri wadda ta girme shi ba? shi ke nan ya tsira. Kenan ko wawa ne ko kuma dole aka yi masa.

Baban Halifa: Tambayar nan tsohuwa ce kuma tana da kyau. Amsar tana wajen yadda aka furta maganar. A wajen Eskilus, wani marubucin Girka, cikin wasansa na mayaƙa bakwai da suka yaƙi Tibis wanda aka nuna a 467 kafin haihuwar Annabi Isa, Afolo ya gargaɗi Layus har sau uku cewa in ya mutu bai haihu ba garinsa zai tsira. Akwai “in” a ciki, ƙofa a buɗe take, Layus ne ya ƙi ji. Sofokilis sai ya cire “in” ɗin, Jokasta, matar Layus kuma uwar Idifus, ta ba da labari cewa an ce ɗan da za su haifa shi zai kashe Layus, iyakarta kenan. Don haka a wannan wasan kisan da auren ba su da makawa, ko ya yi rantsuwar taka ta wata hanya abin zai ɓullo.

Amma ka lura, lokacin da aka buɗe wasan duk wannan ya riga ya faru da shekaru, har sun haifi 'ya'ya huɗu. Abin da 'yan kallo ke gani bincike ne, annoba ta sauka a Tibis, an ce sai an gano wanda ya kashe Layus. Tiresiyas, boka makaho, ya ce a bar shi ya koma gida, Jokasta ta roƙe shi ya daina tono, makiyayin da aka ba jaririn ma sai da aka murɗe masa hannu ta baya kafin ya yi magana. Sau uku ana ba shi hanyar yin shiru yana ƙi. Kuma bayan ya makantar da kansa ya ce Afolo ne ya kawo masa wannan bala'i, amma hannun da ya soki idon nasa ne ba na kowa ba. Maganar da aka yi masa a Delfi babu zancen ido a ciki.

Ɗan Damagaram: Wannan ma ya ƙara wa rabo ƙarfi a kan ƙaddara. Ana iya cewa mutum ya ci fiye da rabonsa, amma wa zai ce ya wuce ƙaddararsa?

Baban Halifa: Ka harbi daidai. A farkon Odisi, waƙar Homa, babban allansu Zeyus na ƙorafi cewa mutane na ɗora wa alloli laifi alhali da wautarsu suke jawo wa kansu wahala fiye da rabonsu, ya kawo misalin Egistus da aka aika masa Hamis, manzon alloli, ya gargaɗe shi kar ya kashe Agamemnon, ya ƙi. Jarumi Akilis ma uwarsa Tetis ta ce masa hanya biyu ce, ya tsaya a Turoyi ya mutu da ƙuruciya sunansa ya ɗore, ko ya koma gida ya tsufa ba suna. Da ƙaddara kika fassara waɗannan wuraren sai jimlar ta karye.

Sadiku Fagge: Na Egistus da Akilis na yarda. Na Idifus har yanzu ban gamsu ba, abin da ba makawa sai ya faru ni ƙaddara na san shi, ku kira shi duk abin da kuka ga dama.

Maman Ilham: To zan sa rabo a matsayin kalmar, mugun rabo inda ake maganar kisan da auren, matan nan uku kuma masu rabo... a'a wannan zai zama kamar sun ci gasa 😂 masu raba rabo? Sai kuma na Delfi ɗin, matar da ke faɗar saƙon Afolo, bokanya zan ce ko 'yar bori ko mai duba?

Ummi Zariya: 'Yar bori mana, ba hawa kanta yake yi ba?

Ɗan Damagaram: Mai duba dai ba zai yi ba, ita ba ƙasa take bugawa ba. Ki buɗe mana wani zaren daban a kan wannan Malama.