Neman shawara: ƙuraje sun fito wa ɗana bayan allurar ƙyanda

Maman Abba:
Assalamu alaikum 'yan uwa, ina neman shawararku. Na kai ɗana allurar wata 9 alhali uwar mijina ba ta so ba. Ita ta zo ne bikin ƙanwar maigidana ta zauna tare da mu, shi kuma ya tafi Legas saro kaya, kuma tun zuwanta ba abin da na yi wa yaron da ba ta ce ba haka ake yi ba, tun daga wanka har kunun da nake ba shi. Bayan allurar sai jikinsa ya yi zafi, ƙuraje suka feso masa, yanzu Hajiya tana cewa da hannuna na kai shi aka zuba masa baƙon dauro. Idan rigakafi koya wa jiki gane cuta yake yi ba tare da ya sa cutar ba, me ya sa na ga wannan? Kuma in mayar da shi allura ta biyu a wata 15 ko in haƙura?

Baban Ummi:
Wa alaikumus salam. Maman Abba, ki kwantar da hankalinki, wannan abu a bayyane yake. Allurar ƙyanda cutar ce ake rage mata ƙarfi a saka a jiki, jiki ya yi faɗa da ita ya ci nasara. Tunda har ƙuraje sun fito, yaronki ya yi ƙyandarsa ƙarama ya gama, kuma kowa ya san ba a yin ƙyanda sau biyu. Saboda haka allurar wata 15 ba ta zame miki dole ba, ki zauna lafiya da surukarki.

Amaryar Malam:
Nawa ma haka ya yi, cinyarsa ta kumbura ya kwana yana kuka a daren da aka yi masa. Ki jiƙa tsumma da ruwan sanyi ki ɗora a wurin, gobe zai ware.

Anti Ladi:
Amarya, taki allurar Fenta ce, mai haɗe da rigakafin cututtuka biyar, da ake yi a cinya a mako 6 da 10 da 14, ba ita ake magana ba, amma bambancin da ke tsakaninsu shi ne zai amsa tambayar. Na yi aikin rigakafi a ƙaramin asibiti har na yi ritaya. A cikin Fenta babu wani abu mai rai. A ɓangaren mashaƙo, misali, dafin da ƙwayar cutar ke fitarwa ne aka kashe masa guba aka bar masa siffarsa, shi ya sa zafin jikinta yake zuwa a yini na farko ko na biyu ya wuce. Ta ƙyanda kuwa ƙwayar tana da rai. An fara kamo ƙwayar ƙyanda daga jikin wani yaro ɗan makaranta a yankin Boston ta Amurka a 1954, aka yi ta rainonta a ɗakin gwaji, har a cikin ƙwayoyin halittar ɗan tsakon da ke cikin ƙwai, sai ta saba da can ta rasa ƙwarewarta a jikin mutum. An fara amfani da allurar a 1963.

Abin da ake yi wa yaro a damtse rabin mililita ne kacal. Ƙwayar takan hayayyafa kaɗan a hankali, wasu fararen ƙwayoyin jini su kama ta su kai gutsattsarinta wuraren da kaluluwa ke fitowa, irin su hammata. A can jiki yake zaɓo, daga cikin ɗimbin sojojinsa, 'yan kaɗan da suka dace da siffar bayan ƙwayar ƙyanda, kamar yadda murfi yake dacewa da tukunyarsa, sai ya riɓanya su. Wasunsu suna zuba sinadaran kariya a jini waɗanda ke manne wa ƙwayar su hana ta shiga ƙwayoyin jiki, wasu suna kashe ƙwayoyin jikin da ta riga ta shiga, wasu kuma sai su zauna shekara da shekaru suna riƙe da siffar. Siffar bayan ƙwayar da aka raunana ɗaya ce da ta ƙyandar gaske, saboda haka ranar da ta gasken ta zo ba a fara neman wanda ya san ta daga farko. Aikin yana ɗaukar mako 2 zuwa 3, kuma a tsakiyarsa, wajen kwana 7 zuwa 12, yara 5 zuwa 15 cikin 100 sukan yi zazzaɓi na kwana ɗaya ko biyu, waɗanda ba su kai haka yawa ba kuma su yi ƙuraje marasa yawa.

Amma Maman Abba, ba ki faɗa mana abin da ya fi muhimmanci ba. Kwana nawa tsakanin allurar da zazzaɓin? Yana tari, ko hancinsa na zuba, ko idonsa ya yi ja yana gudun haske? Daga ina ƙurajen suka fara?

Baban Ummi:
Anti, ai maganata kika maimaita da dogon bayani. Kin ce ƙwayar tana da rai, kin ce tana hayayyafa, kin ce tana kawo zazzaɓi da ƙuraje. To, mene ne wannan idan ba ƙyanda ba?

Anti Ladi:
Malam, ka yi gaskiya a kan cewa tana da rai, amma ƙyanda ba ƙuraje ba ce kawai. Ta gaske tana cika jiki kafin garkuwa ta farga, ta kama huhu, ta kawo gudawa, ta taɓa ido har wani yaron ya makance, wani lokaci ta kai ga ƙwaƙwalwa. Tana kuma kashe waɗannan sojojin masu riƙe da siffar cututtukan da yaro ya taɓa haɗuwa da su, shi ya sa za ka ga yaro ya tashi daga baƙon dauro amma ya yi watanni yana ciwo ɗaya bayan ɗaya. Ta allura ba ta da saurin da za ta yi wannan ɓarnar a jikin yaro mai lafiya, ana cim mata tun ba ta yi nisa ba, kuma ba ta yaɗuwa zuwa wani yaro. Wanda garkuwarsa ta rushe sosai, kamar mai shan maganin kansa, shi ne ba a yi wa, haka ma mai ciki, domin a jikin da babu mai taka mata birki ko raunanniyar ƙwaya tana iya yin illa.

Maman Hanifa:
Ni duk wannan bayani bai shige ni ba. 'Yata an yi mata allurar nan, amma tana shekara 3 ta yi baƙon dauro sosai, muka kwana a asibiti. Kuma kafin a yi mata sai da na yi ta zarya, kullum a ce ba za a buɗe kwalba ba sai yara sun taru, ga ma'aikaciyar da baƙar magana kamar roƙo muka je. Idan jiki yana koyo, me ya hana jikin 'yata ya koya?

Anti Ladi:
Allah ya ƙara mata lafiya, Maman Hanifa. Baƙar magana ba ta da uzuri, kuma ƙa'ida ita ce kada a mayar da yaro gida ba a yi masa ba. Dalilin da ya sa suke jan ƙafa shi ne kwalbar ta yara da yawa ce, idan an haɗa ta da ruwanta kuma dole a zubar da ragowar bayan awa 6, domin zafi da haske suna kashe ƙwayar, matacciya kuwa ba ta koya wa jiki abin kirki. Akwai kuma wani dalilin. Jariri yana zuwa duniya da sinadaran kariyar uwarsa a jininsa, suna raguwa a hankali. Idan da sauransu a wata 9, sai su gama da ƙwayar allurar kafin jikin yaron ya gan ta da kansa. Shi ya sa a wannan watan kimanin yara 85 cikin 100 ne allurar ke kamawa. Da za a jira yaro ya cika shekara da adadin ya ƙaru, amma a wurinmu ƙyanda tana kama jarirai da wuri, jira hatsari ne. Ta wata 15 an sa ta ne don ta tsinto waɗanda ta farko ta tsallake. An yi wa 'yarki ta biyu?

Maman Hanifa:
Babu wanda ya ce mini akwai ta biyu.

Maman Abba:
Na gode muku. Zazzaɓin ya fara wajen kwana 8 bayan allurar, ƙurajen kuma a ƙirji da ciki na fara ganinsu, ko da yake ban duba bayan kunne ba. Yana ɗan tari, amma ai lokacin ƙura ne, kowa a gidan yana tari. Na sayo ruwan amoksisilin a kemis na ba shi, kuma kada a ga laifina, ni kaɗai ce da yaron da daddare, Hajiya kuma ta hana a yi masa wanka. A wajen bikin akwai wata yarinya da aka ce ƙurajen zafi ne a jikinta, amma wannan ya kai kwana 5 kafin allurar, ban ga alaƙarsu ba.

Anti Ladi:
'Yata, da wannan ya kamata ki fara. Kwana 8 da ƙuraje a ƙirji sun yi kama da na allura. Amma ki haɗa 5 da 8, kwana 13 ke nan daga bikin, kuma ƙyandar gaske takan yi kwana 10 zuwa 12 a jiki kafin zazzaɓi, ƙuraje su biyo baya wajen kwana 14, su fara daga goshi da bayan kunne su gangaro. Allura tana iya shan gaban cutar ne idan an yi ta cikin awa 72 da haɗuwa da mai ita, ke kuwa kin wuce haka. Daga nan ba zan iya raba miki biyun ba, kuma gwajin jinin da aka saba yi ma zai iya nuna alama a duka biyun tunda bai daɗe da allura ba. Ki kai shi a duba cikin bakinsa da idonsa da numfashinsa, a yi masa gwajin zazzaɓin cizon sauro, ki kuma faɗa musu zancen yarinyar tun daga ƙofa don kada ki zauna cikin masu jarirai. Amoksisilin ba ya taɓa ƙwayar ƙyanda, ki nuna musu kwalbar su yanke hukunci. Idan yana numfashi da sauri, ko ya ƙi nono, ko ya yi jijjiga, kada ki jira gari ya waye.

Baban Ummi:
To, kun gani. Idan ta allura ce ta kama shi, idan ta gaske ce ya gama da ita har abada. Ta ko'ina aka bi, allurar wata 15 ba ta da amfani a gare shi.

Anti Ladi:
Akwai na ukun da ka bari, Malam: ƙurajen su kasance na wata cuta daban, allurar kuma ba ta kama ba. Ƙuraje ba shaida ba ne. Yaron da ya riga ya samu kariya, allura ta biyu ba ta cutar da shi, kuma zazzaɓi bai cika biyo bayanta ba tunda jiki ya san ƙwayar.

Maman Abba:
Anti, na ji, amma yau jikin ya yi sanyi har ya sha nono sosai, kuma ba zan iya fita da shi ba sai babansa ya dawo, don idan na sake fita Hajiya za ta ce na raina ta. Ni dai na san yarinyar nan ƙurajen zafi ne, uwarta ce ta faɗa mini da bakinta. Zancen wata 15 kuma akwai sauran lokaci.

Amaryar Malam:
Kin gwada tsumman ruwan sanyin kuwa?