Amarya ta fita daga hoto: yadda muke bayyana wa manhaja bidiyon da ba ta gani ba

Ɗan Situdiyo

Salamu alaikum 'yan uwa. Ina son waɗanda suka saba sa manhajar ƙirƙirarriyar basira tana rubuta musu umarnin editin su faɗa mana yadda suke bayyana mata bidiyo a rubuce, don ni jiya na sha kunya. Kamu na ɗauka a kwance, minti 3 da sakan 40, dangin amarya kuma suna son guntu a tsaye na sakawa a waya. Laftof ɗina tsoho ne, manyan manhajojin editin nauyi suke masa, shi ya sa nake lallaɓawa da ffmpeg, manhajar da ake ba umarni a rubuce. Na rubuta wa manhajar basirar cewa a ciro mini shigowar amarya daga 1.12 zuwa 1.50, a mayar da shi a tsaye. Abin da ya fito ko ƙiftawar ido bai kai ba. Na gyara lokacin da hannu, ya fito da tsawonsa daidai, amma daga farko har ƙarshe mai gabatarwa ne da makirfo a tsakiya, amarya gefen mayafinta kawai ake gani. Kuma haka na tura wa yayarta ban duba ba.

Baba Edita

Wa alaikumus salam. Ƙanena, kuskure biyu ka yi, kuma duka na taɓa yin su.

Na farko ɗigon nan. Mu idan muka rubuta 1.12 minti ɗaya da sakan goma sha biyu muke nufi, kamar yadda muke rubuta ƙarfe 1.30. A wurin ffmpeg kuwa 1.12 sakan ɗaya ne da ɗan ɗoriya. Daga 1.12 zuwa 1.50 ko rabin sakan bai cika ba, abin da aka ba ka ke nan. Ka riƙa rubuta 00:01:12, awa da minti da sakan, babu mai fassara maka shi wani iri.

Na biyu shi ne babba. Ka ce "a tsaye", ba ka ce ina amarya take a cikin hoton ba. Wanda bai ga bidiyo ba idan aka ce ya yanke gefe da gefe, tsakiya zai bari, ba shi da wata madafa. Ni yadda nake yi, sai in ɗauka wani edita nake wa bayani ta waya, yana wani gari, fayil ɗin bai isa gare shi ba. Duk abin da zan nuna masa da yatsa da yana kusa, dole in mayar da shi lamba. Kafin in rubuta komai nakan fara da wannan:

```
ffprobe -hide_banner kamu.mp4
```

In kwafe abin da ya fito gaba ɗaya in manna a saman bayanina. A ciki akwai faɗi da tsawo, da firem nawa ne a sakan, da ko akwai sauti. Kada ka rubuta su da ka, ƙwaƙwalwa tana yaudara. Turo mana naka, ka kuma tsayar da bidiyon ka gaya mini inda fuskar amarya take idan ka raba faɗin sikirin gida huɗu.

Ɗan Situdiyo

1920x1080 ne Baba, firem 25. Amarya tana kan layi na uku idan an ƙirgo daga hagu, wato ta fi kusa da dama. Tun da ta shigo aka zaunar da ita ba ta matsa ba.

Baba Edita

Madalla. To da ni ne, ga abin da zan rubuta, ba ƙari:

"Fayil kamu.mp4, 1920x1080, firem 25, da sauti. Duk lokutan da na ba da na asalin fayil ne. A ajiye daga 00:01:12 zuwa 00:01:50, a zubar da saura. Wadda ake so ta fito tana zaune, tsakiyar fuskarta a kashi uku cikin huɗu na faɗin hoton daga hagun mai kallo, ba ta motsawa. A fitar da 1080x1920 ta hanyar yanke gefe, ba da baƙin fili sama da ƙasa ba. A bar sauti yadda yake. Umarnin ffmpeg ɗaya nake so."

Yanzu ga yadda za ka gane ko amsar da ka samu ta aiki ce, tun kafin ka kunna. Tsawon hotonka 1080 ne, to faɗin da zai ba da tara bisa sha shida na bidiyon tsaye 607 da rabi ne, ana mayar da shi 608 don ya zama cikakkiyar lamba mai rabuwa biyu. Kashi uku cikin huɗu na 1920 shi ne 1440. Ka cire rabin 608, wato 304, saura 1136, nan yankan zai fara daga hagu. Daga 1:12 zuwa 1:50 kuma sakan 38 ne. Don haka umarnin ya kamata ya yi kama da wannan:

```
ffmpeg -ss 00:01:12 -i kamu.mp4 -t 38 -vf "crop=608:1080:1136:0,scale=1080:1920,setsar=1" -c:v libx264 -crf 20 -c:a aac fita.mp4
```

In ka ga 656 a wurin 1136, ko ka ga babu lamba ta uku sam, tsakiya aka sake yankowa, mai makirfo zai dawo.

Yaron Zariya

Ni duk wannan lissafin ban ga amfaninsa ba Baba, da girmanka. Hoton sikirin nake ɗauka in tura mata, ai yanzu suna gani.

Baba Edita

Suna gani, kuma yana taimakawa, ban musa ba. Amma hoto ɗaya sakan ɗaya ne cikin ɗari biyu da ashirin, bai gaya mata abin da ya faru kafinsa ko bayansa ba. Sannan in a waya ka ɗauka, girman sikirin ɗin wayar ne ya fito, har da baƙin gefe da maɓallan kunnawa, ba girman bidiyon ba. Lambar da aka auna a kan wannan hoton ba za ta zauna a kan fayil ɗin ba. In za ka tura hoto, ciro firem ɗin daga cikin bidiyon, ka rubuta lokacinsa a ƙasa.

Maman Biyu

Ni girki nake ɗauka, CapCut nake amfani da shi a waya, ban san wannan baƙin allon naku ba. Amma abin da Baba ya rubuta cewa lokutan na asalin fayil ne, shi ya taɓa cinye mini yamma guda. Ina koyar da dambun shinkafa, na ce a jera mini matakai: a cire 0:20 zuwa 0:35 inda yaro ya shigo yana kuka, a cire 1:00 zuwa 1:10 inda na je ɗauko madambaci. Aka jera mini su kamar yadda na faɗa, na bi. To ashe da na cire sakan 15 na farko komai ya matso baya, abin da yake a 1:00 ya koma 0:45. Na je 1:00 na yanke, sai ga shi inda nake zuba zogale na zubar, zuwa ɗauko madambacin yana nan daram.

Tun daga ranar nake cewa a jera mini yankan daga ƙarshe zuwa farko. In ka fara cire na ƙarshe, lokutan farko ba sa motsi. Kuma kowane lokaci ina haɗa shi da abin da ake gani a wurin, kamar "1:00, na ajiye cokali na juya baya". Ba don manhajar ba ma, don ni: in na je wurin ban ga kaina ina juya baya ba, na san lissafi ya goce.

Mai Shagon Waya

Ni dai shawarata a sa sunan ango da amarya da garin a layin farko, sai alamomin nema a ƙasa. Haka mutane suke samun bidiyo da wuri.

Maman Biyu

Malam, ba bayanin da ake sawa a ƙasan bidiyo bayan an ɗora ake magana ba, na kafin editin ne.

Mai Kamara na Maraɗi

Ina gaida manya. Mu nan da yake da Faransanci muka yi makaranta, waƙafi muke sawa a rabin lamba, 12,5. ffmpeg ɗigo yake so, 12.5, don haka ni ma na sha tawa wahalar da lokaci. Amma wadda ta fi ba ni ciwon kai ita ce lamba ta huɗu. A manhajar editin ta kwamfuta za ka ga 00:01:12:20. Wannan 20 ɗin firem ne, ba ɗigon sakan ba. A bidiyo mai firem 25, firem 20 daidai yake da 0.8 na sakan. Na kwafe shi haka na ba da ban yi bayani ba, ya dawo mini a 00:01:12.20, yankan ya riga wurinsa da fiye da rabin sakan. A rawa ba wanda zai lura, amma wa'azi nake yanka, sai ga wutsiyar kalmar baya ta shigo farkon guntun. Yanzu ko dai in mayar da shi ɗigon sakan da kaina, ko in rubuta ƙarara cewa lambar ƙarshe firem ce.

Sai abu ɗaya game da bidiyon waya. Wanda aka ɗauka a tsaye sau da yawa ffprobe zai nuna maka 1920x1080, amma a ƙasa akwai layin da ke cewa rotation of -90.00 degrees. Na taɓa kwafe layin girman kawai na bar wancan, na ce a tsaye nake so, aka ƙara mini transpose. To ffmpeg da kansa yake miƙar da irin wannan bidiyon, ƙarin juyin sai ya kwantar da malam a gefe. Shi ya sa da Baba ya ce a kwafe gaba ɗaya, gaba ɗaya ɗin yake nufi.

Yaron Zariya

To da Hausa kuke rubutawa ko da Turanci? Ni na ga kamar in da Hausa ne ba ta fahimta sosai.

Baba Edita

Ni ban ga harshen ne matsalar ba. "Inda aka fara liƙi" ko da wane harshe ka faɗa ba wurin yanka ba ne, sai ka ba shi lokaci. Lambobi kuwa iri ɗaya ne ko'ina.

Maman Biyu

A nan ban bi ka ba Baba. Na taɓa rubuta "a rage shi", ina nufin tsawon lokaci, aka ba ni matakan rage nauyin fayil. "Yanke" ma haka, mu kalma ɗaya muke faɗa wa yanke lokaci da yanke gefen hoto. Ni da Hausa nake bayanin, amma sunan aikin nakan rubuta shi yadda yake a kan maɓalli, Split ko Crop.

Ɗan Situdiyo

Baba, na rubuta yadda ka ce, 1136 ya fito, amarya ta zauna a tsakiya cas. Allah ya saka da alheri. Sai dai yayar ta dawo tana son a ƙara har 00:02:20, kuma a wajen 00:02:05 amarya ta miƙe ta taka zuwa hagu wurin ƙawayenta. Yaya ake rubuta wanda ke tafiya?

Baba Edita

Ni raba shi nake yi gida biyu, kowanne da wurinsa: daga 00:01:12 tana kashi uku cikin huɗu, daga lokaci kaza tana kashi ɗaya cikin huɗu, a yanke daban a haɗa. Ana iya sa yankan ya bi ta a hankali, crop yana karɓar lissafi da t a wurin lambar hagu, amma sai in tafiyar a miƙe take da gudu ɗaya. Amarya kuwa taku biyu za ta yi ta tsaya a yi mata guɗa.

Mai Kamara na Maraɗi

In ka raba biyu, sakannin da take tsakanin wuraren biyu fa? Nan ne ake son ganin kwalliyar. Ni wannan gaɓar da hannu nake bin ta, ban taɓa samun rubutun da ya fitar mini da ita daidai ba. Ɗan Situdiyo, duba mana sakan nawa tafiyar ta ci.