Neman ƙarin albashi: abin da muka tattauna a Wuse

Ranar Asabar muka zauna a Wuse, wata ƙanwarmu mai aikin tallan kaya a wani kamfani ta kawo kukanta: shekara biyu albashinta bai motsa ba, tana son tunkarar manaja.

Bakinmu ya zo ɗaya a kan cewa kada ta fara da tsadar rayuwa. Gaskiya ne kuɗin mota daga Kubwa ya tashi tun cire tallafin mai a 2023, amma manajan ma yana jin jiki, zai ce kowa haka yake. Abin da zai iya kai wa na sama da shi shi ne aikinta a rubuce.

Muka sa ta lissafa. Shaguna 12 ta tarar, yanzu 19 take kai wa kaya, ta kuma karɓo bashin naira miliyan 3 da aka fid da rai da shi. Wannan na ƙarshen ya fi nauyi a ganina, domin kuɗi ne da suka shiga asusu, akanta zai shaida. Shafi ɗaya ya isa, kowane aiki da watansa.

Wani dattijo da ya daɗe a ofishin kula da ma'aikata ya ce ta nemi ganawa kafin a rufe kasafin shekara mai zuwa, kuma ta faɗi adadi da bakinta: "Ranka ya daɗe, ina roƙon a duba albashina daga 180,000 zuwa 220,000." In aka ce "za mu duba", ta tambayi ranar da za ta dawo, ta aika saƙon imel a ranar ganawar don maganar ta zauna a rubuce.

Ya kuma gargaɗe ta kada ta yi barazanar barin aiki sai da takardar wani wurin a hannunta.